Yadda Ake Yi wa Baƙon Mai Wa'azi Jawabin Maraba a Ikkilisiya

A cikin Ayyukan Manzanni sura 10 akwai jawabin maraba da ya kamata duk wanda aka ɗora wa wannan aiki ya karanta kafin ya ɗauki biro. Karniliyus ya aika aka kira Bitrus daga Yafa zuwa Kaisariya, ya tara danginsa da aminansa suna jira. Da Bitrus ya iso, Karniliyus ya yi magana daga aya 30 zuwa 33, aya huɗu kacal. Ya faɗi dalilin da ya sa ya aika a kira shi, ya ce masa ya kyauta da ya zo, sannan ya ce ga su nan duka a gaban Allah domin su ji abin da Ubangiji ya umarce shi ya faɗa. Daga nan ya yi shiru, Bitrus ya fara wa'azi.

Aikinka ke nan idan fasto ya ce kai ne za ka marabci baƙo ranar Lahadi: ka sanar da jama'a ko wane ne zai yi musu magana, ka gode masa da gaskiya, ka miƙa masa ikkilisiya tana shirye ta saurara. Duk abin da ka ƙara a kan wannan, daga lokacin wa'azi ka yanko shi. Ko dattijo ne kai, ko sakataren ikkilisiya, ko shugabar zumuntar mata ce ke, hanyar ɗaya ce.

Fara da fastonka

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka zauna da fasto ko wanda zai jagoranci sujada, ka tambaye shi a wane wuri cikin tsarin sujada za ka tashi. Amsar tana canza jawabin gaba ɗaya. In a lokacin sanarwa ne, wa'azi yana can gaba, to maraba kawai za ka yi, baƙo ya tashi tsaye a gan shi, ya koma ya zauna. In kuwa daf da wa'azi ne, jawabinka ne zai kai shi mumbari, kuma jimlarka ta ƙarshe ita ce alamar da yake jira ya miƙe.

Ka kuma tambaya wa zai yi wa mai wa'azi addu'a, wa zai karanta nassi, ko fasto da kansa zai ƙara wani abu bayanka. Yawancin sujadar da ake marabtar baƙo sau uku, daga rashin wannan tambayar take faruwa. Mai jagorar sujada ya yi maraba, kai ka yi, fasto ya tashi ya maimaita duka, kowa da niyya mai kyau, amma minti goma sha biyar sun tafi. Ku raba aikin tun kafin ranar.

Sannan ka nemi baƙon

Ka kira shi kwana biyu ko uku kafin ya zo. In bai yiwu ba, ka same shi da safen kafin a shiga sujada. Abu na farko shi ne sunansa. Ka roƙe shi ya faɗa maka da bakinsa, ka maimaita har ya ce daidai ne, sannan ka rubuta shi a takardarka yadda kunnenka ya ji. Sunan da ya fito daga wani harshe yakan bambanta tsakanin rubutu da furuci, kuma kuskuren suna a gaban jama'a yana rushe duk girmamawar da za ta biyo baya.

Na biyu, muƙaminsa. Ɗariku ba tsari ɗaya suke bi ba. A wata ɗarikar Fasto da Rabaran matakai biyu ne dabam, a wata akwai Kanon da Bishop, a wata kuma Mai Bishara muƙami ne mai zaman kansa. Kada ka ƙara wa mutum matsayin da ikkilisiyarsa ba ta ba shi ba da sunan karamci, domin ka jefa shi cikin tsaka mai wuya: ko ya fara wa'azi da gyara maka, ko ya yi shiru a kan abin da ba gaskiya ba. Kada kuma ka rage masa. Tambaya ɗaya ta wadatar: "Baba, yaya kuka fi so a kira ku a gaban jama'a?"

Ka tambayi waɗanda za su rako shi. In da matarsa ya zo, ko mijinta in mace ce mai wa'azin, a ambace su da suna. Sauran 'yan rakiya a haɗa su a jimla ɗaya.

Akwai tambayar da mutane da yawa ba sa yi, ni kuwa ina ganin ta fi sauran nauyi: "Akwai abin da ba ku so a faɗa?" Mai aikin bishara a wurin da aikin yake da hatsari ba zai so a ambaci sunan garin ko na waɗanda yake aiki da su ba, musamman yanzu da ake ɗaukar sujada da waya ana yaɗawa kai tsaye. Wani yana cikin jinya ko makoki, ba ya so a maishe shi abin tausayi kafin ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Wani kuma yana so shi da kansa ya bayyana kan maganarsa. Abin da ka ji a zaman hira da shi ba duka ne na makirufo ba.

Abin da za a ɗauka, abin da za a bari

A ce ikkilisiyarku ta gayyaci wani Rabaran domin ya yi wa'azi a ranar Lahadin da aka keɓe wa iyali. Ya aiko maka da tarihinsa shafi biyu: inda aka haife shi, makarantu biyar da ya yi, ikkilisiyoyi shida da ya riƙe cikin shekara 24, kwamitocin da ya shugabanta, da ƙasashen da ya ziyarta. A ƙasan shafi na biyu an rubuta cewa shi da matarsa sun shekara 10 suna ba ma'aurata shawara. Zai taso tun ranar Asabar, ya bar tasa ikkilisiyar a hannun mataimakinsa.

Jarabar ita ce ka karanta shafukan biyu kamar yadda suke, don kada a ce ka rage wa babban mutum daraja. Amma ka tambayi kanka abin da mai zaune a benci yake bukata domin ya saki jiki ya saurari mutumin da bai taɓa gani ba. Yana bukatar ya san sunansa, inda yake hidima yanzu, da dalilin da ya sa shi ne aka kira domin wannan rana. A wannan misalin, layin nan na ƙasan shafi na biyu ya fi makarantun biyar amfani, domin shi ne ya haɗa mutumin da batun ranar. Shekara 24 na hidima za su shiga a rabin jimla. Kwamitoci da tafiye-tafiye su zauna a takarda. In ikkilisiya tana buga tsarin sujada, a sa cikakken tarihin a can, mai so ya karanta.

Haka Bulus ya yi da ya gabatar da Fibi ga masu bi na Roma, a Romawa 16:1-2. Ya faɗi sunanta, ya ce 'yar'uwa ce mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ya roƙa a karɓe ta cikin Ubangiji, ya ba da dalili ɗaya, cewa ta taimaki mutane da yawa har da shi kansa. Aya biyu, kuma babu wanda zai karanta ya ce an raina ta.

Ga yadda jawabin zai iya kasancewa. Inda na sa "Wane" ka sa sunan gaskiya:

"Ƙaunatattu cikin Ubangiji, salama a gare ku. Yau ranar iyali ce, kuma Allah ya kawo mana bawansa, Rabaran Wane, wanda yake kiwon ikkilisiyar wuri kaza. Shekararsa 24 cikin aikin Ubangiji, goma daga ciki shi da Mama suna zama da ma'aurata, suna sauraron damuwarsu, suna yi musu addu'a. Shi ya sa da dattawa suka zauna neman wanda zai yi mana magana a kan gidajenmu, shi suka roƙa.

Baba, tun jiya kuka kamo hanya, kuka bar taku ikkilisiyar a ranar Lahadi saboda mu. Mun gani, mun kuma gode. Mama, sannu da zuwa, mun gode da kika rako Baba. 'Yan'uwan da suka biyo ku ma muna yi musu barka da zuwa. In kun koma, ku kai gaisuwarmu da godiyarmu ga jama'ar da suka ba mu aron ku yau.

A madadin fastonmu, da dattawa, da dukan ikkilisiya, muna karɓarku cikin sunan Yesu Almasihu. Ga mu a gaban Allah domin mu ji abin da ya ba ku saboda mu. Baba, Ubangiji ya ba ku ƙarfi. Ku taso."

Ka karanta wannan da ƙarfi, a natse, da agogo a hannu. Ba zai kai minti biyu ba. Ka lura da yadda ya juya: sakin farko ga jama'a yake magana, na biyu ga baƙo, na uku ya haɗa su ya miƙa.

Godiya mai kama ƙasa

Godiyar da ke shiga zuciya ita ce wadda ta ambaci abin da mutum ya yi. "Mun gode ƙwarai da gaske, ba mu da bakin godiya" za a iya faɗa wa kowa a kowane taro, shi ya sa ba ta tsayawa a kunne. "Tun jiya kuka kamo hanya" ta wannan mutumin ce shi kaɗai. Ka nemi abu ɗaya da zuwan ya ci masa, ko nisan hanya, ko barin garkensa, ko amsa kira a ƙurarren lokaci, ka faɗe shi sau ɗaya. Maimaita godiya sau huɗu ba ya ninka ta, rage mata nauyi yake yi.

Kada ka manta da ikkilisiyar da ta sake shi ya zo. Su ne suka yi sujada ba tare da fastonsu ba, kuma in ya koma ya ce an gaishe su, zumuncin ya wuce na mutum ɗaya ya zama na jama'a biyu.

Akwai abin da ke shigowa cikin rigar godiya alhali ba godiya ba ne, wato ban-haƙuri. "Baba, ku yi haƙuri mutanenmu ba su fito da yawa ba, ginin namu bai ƙaru ba, na'urar sautinmu tana ba da matsala." Mai faɗin haka yana nufin tawali'u, amma waɗanda suka fito su ne suke jin an raina zuwansu, baƙo kuma ya fara duban kujerun da babu kowa maimakon fuskokin da ke gabansa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Haka nan maganar kuɗin mota, masauki, ko kyautar da aka shirya masa, babu wurinta a wannan jawabi. Dattawa su yi wannan a keɓe.

Inda girmamawa ke zama nauyi

A nan ne masu kyakkyawar zuciya suka fi yin tuntuɓe. Littafi Mai Tsarki ya ce a girmama masu hidima. A Filibiyawa 2:29 Bulus ya ce a karɓi Abafaroditus da farin ciki, a kuma riƙa ganin girman irinsa. Amma a cikin surar nan ta Karniliyus, da ya faɗi a gaban Bitrus, Bitrus ya ɗaga shi ya ce ya tashi, shi ma mutum ne. A Listira kuma, a Ayyukan Manzanni sura 14, da jama'a suka ɗauki Bulus da Barnaba alloli, sai suka kyakketa tufafinsu. Bayin Allah na gaskiya ba sa jin daɗin yabon da ya wuce su.

Idan ka ce wa jama'a "yau za ku ji wa'azin da ba ku taɓa jin irinsa ba," ka yi ɓarna uku a numfashi ɗaya. Ka ɗora wa baƙo alkawarin da ba shi ya yi ba, ya hau mumbari yana tunanin yadda zai cika shi. Ka mai da jama'a alƙalai, suna auna ko ya kai yadda aka faɗa, maimakon su auna kansu da Maganar. Ka kuma taka fastonka, wanda yake ciyar da su kowane mako, yana zaune yana ji. Saboda haka kada ka kwatanta baƙo da kowa, kada ka yi alkawarin al'ajibi a madadinsa, kada ka jera masa kirari. Ka faɗi abin da ya yi, jama'a za su ga girmansa da kansu.

Cikakken muƙami da cikakken suna sau ɗaya ake faɗa, a farko, a sarari. Bayan haka "Baba" ko "Rabaran" ya isa. Idan baƙon matashi ne, kada ka ce "yaronmu ne, a gabanmu ya girma," ko da gaskiya ne, ko da kai ka koya masa karatu a makarantar Lahadi. Yau da Maganar Allah ya zo, ka kira shi da muƙaminsa. Idan mace ce, ka gabatar da ita da hidimarta kamar yadda za ka yi wa namiji, kada ka tsaya kan kyanta ko tufafinta, kada kuma jawabin ya koma tarihin mijinta. Idan daga wata ɗarika ya fito, ka ambaci sunan ɗarikar daidai, ka wuce, ba lokacin tuna bambancin koyarwa ba ne.

Game da raha, ra'ayina shi ne a bar ta in za ta taɓa jikin baƙo, ko harshensa, ko ƙabilarsa, ko wani tsohon labari da ku biyu kaɗai kuka sani. Fara'a a fuska ta isa ta sa mutum ya ji yana gida.

Tsawo

Minti biyu shi ne ma'aunin da nake ba kowa. A babban taro mai baƙi da yawa ana iya kaiwa uku. Ka rubuta jawabin duka, ka karanta da murya sau biyu ko uku kana duban agogo, domin karatun zuci yana da sauri fiye da magana. In za a yi fassara zuwa wani harshe, lokacin zai kusan ninkuwa, saboda haka ka rage kalmomin, ka yi gajerun jimloli, ka ba mai fassara kwafin takardar da sunayen tun da wuri.

Abin da ya fi tsawaita jawabin maraba shi ne ƙaramin wa'azi. Mutum ya ɗauko Ibraniyawa 13:2, inda aka ce kada a manta da karɓar baƙi, ya fara bayani, kafin ya farga ya ci minti bakwai, wataƙila ma ya taɓa nassin da baƙon ya shirya. In kana so ka sa aya, ka karanta ta ka wuce, ba sharhi. Na biyu shi ne jerin gaisuwa, a bi kowane shugaba da kowace ƙungiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana da wani hatsarin ma, domin duk wanda aka tsallake shi zai tafi da abin a rai. "Fastonmu, da dattawa, da dukan ikkilisiya" ya ɗauke kowa.

Kana tsaye ma za ka iya gane ka wuce gona da iri. Baƙo ya ɗauki Littafinsa ya gyara zama kamar zai tashi, sannan ya mayar ya ajiye. Mai jagorar sujada ya dubi agogo. Ka ji kanka ka ce "a ƙarshe" karo na biyu. Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, tsallaka kai tsaye zuwa jimlar miƙawa. Shi ya sa yake da kyau ka haddace wannan jimlar, ko da sauran kana dubawa a takarda.

Lokacin da ka miƙe

Ka gwada makirufo kafin a fara sujada, ka san inda za ka tsaya. In akwai wani wurin magana ban da mumbari, ka yi amfani da shi, ka bar mumbari ga mai wa'azi. Ka rubuta jawabin da manyan haruffa a takarda ɗaya. Waya takan mutu ko ta kulle a daidai lokacin da kake neman suna.

Kana magana da jama'a, ka dube su. Da ka zo wurin godiya, ka juya ka dubi baƙon, amma ka tafi da makirufo tare da bakinka don kada muryar ta ɓace. Ka sassauta a kan sunansa. Idan al'adar ikkilisiyarku ce a tashi tsaye ko a tafa, ka faɗa a sarari, kada rabin jama'a su miƙe rabi suna waige-waige. In ba al'adarku ba ce, kada ka ƙirƙiro ta ranar.

Bayan jimlar ƙarshe ka jira ya iso, ka miƙa masa makirufo ba tare da ka kashe shi ba, ka kwashe takardarka, ka koma wurinka ta hanyar da ba za ka gitta tsakaninsa da jama'a ba. Kada ka bar wurin babu kowa yana tahowa, kada kuma ka tsaya a bayansa bayan ya fara.

In abin ya sauya a ranar

Baƙo yakan makara. Kada ka yi masa maraba ba ya nan, kada kuma a sanar da makararsa cikin ƙorafi. Mai jagora ya ci gaba da sujada, in ya iso a ba shi 'yan mintoci ya zauna ya huce, sannan ka yi jawabin a taƙaice: suna, inda ya fito, godiya ɗaya, miƙawa.

In suna ya kuɓuce maka, ka dubi takardarka ba tare da kunya ba. In ka furta shi ba daidai ba, ka ce "a gafarce ni," ka faɗe shi daidai sau ɗaya, ka ci gaba.

Mafi wuya shi ne in wanda aka gayyata bai samu zuwa ba, ya turo wani a madadinsa. Jama'a sun sa rai da wani, wanda ya zo kuma ya san haka, yana shigowa da nauyi a zuciya. Ka ja shi gefe minti biyu kafin sujada, ka karɓi sunansa, muƙaminsa, da inda yake hidima. A jawabin, jimla ɗaya ta ishi wanda bai zo ba: "Rabaran Wane bai samu zuwa ba, ya aiko da gaisuwarsa." Kada ka bayyana dalili sai da izininsa. Sauran jawabin duka na wanda ke zaune a gabanka ne, kuma abin godiyar a bayyane yake, ya amsa kira cikin ɗan lokaci, ya shirya, ya zo. Ka guji kalmomi irin su "duk da haka" da "ko da yake ba shi muka sa rai ba." Ka karɓe shi da cikakkiyar jimlar miƙawar nan da ka shirya wa na farkon, ba tare da ka rage ko kalma ɗaya ba.